Yadda ake ƙara wa fuska shekaru, ko a rage mata, daga hoto ɗaya tak

Shagona na hoto yana kusa da Taminus a Jos, kuma cikin ayyukan da ake kawo min babu wanda nake yi wa a-hankali kamar wannan. Mutum zai shigo da ɗan fasfo guda ɗaya a cikin leda, ya ce yana son ya ga yadda mai hoton zai kasance yau, ko yadda ya kasance yana saurayi. Wasu don nishaɗi suke so, waɗannan manhajar waya ta ishe su. Wasu kuwa ɗansu ne ya ɓata, ko mahaifinsu ya rasu bai bar hoton ƙuruciya ba. Saboda su nake wannan bayani, kuma zan bi aiki ɗaya da na yi daga farko har ƙarshe don ka ga lissafin da idonka.

Wata Hajiya daga Anguwar Rogo ce ta kawo shi. Fasfo ne na ɗanta, an ɗauka a 2009 yana shekara takwas, kafin a tura shi gabas karatun allo. Malamin ya tashi daga garin, labari ya yanke. A 2025 take son hoton da za a raba, wato yaron zai kai shekara 24. Tazarar shekara 16 ke nan, kuma ta ratsa ta balaga, wadda ita ce mafi wuyar tazara a wannan sana'a.

Kayan aiki

Kana buƙatar sikana mai shimfiɗa wadda take kai 1200 dpi, wato ɗigo 1200 a kowane inci na hoton. Idan babu, waya mai kyamara mai kyau za ta yi, da sharaɗin da zan faɗa a ƙasa. Sai kwamfuta da manhajar gyaran hoto mai leya, wato shimfiɗun hoto da ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya, a gyara kowanne daban: Photoshop idan kana da shi, ko GIMP wanda kyauta ne, ko Photopea da ke buɗewa a burauza. Abin da ake nema a cikinsu uku ne kawai, wato leya, da ma'aunin fiksel, da abin tura nama, wanda sunansa `Liquify` a Photoshop da Photopea, a GIMP kuma `Warp Transform`. Sai manhaja ɗaya mai sauya shekaru da kanta, irin FaceApp, ko `Smart Portrait` da ke cikin `Neural Filters` na Photoshop, inda akwai majanyin `Facial Age`. Na ƙarshe littafi da biro, don rabin aikin da baki ake yin sa kafin a taɓa linzamin kwamfuta.

1. Zauna da mai hoton tukuna

Kada ka karɓi hoto ka ce a dawo jibi. Ba mutum kujera. Tambayi shekarar da aka ɗauki hoton da shekarun yaron a lokacin, domin kuskuren shekara biyu a yaro ɗan takwas ya isa ya karkatar da lissafin gaba ɗaya. Tambayi wanda yaron ya ɗebo, uwa ko uba. Maza a gidan suna yin sanƙo da wuri? Suna tara gemu ko ɗan tsiro ne a haɓa? Jikinsu na ƙiba ne ko na rama? Akwai tabo, tsaga, ko tawadar Allah da hoton bai nuna sosai ba?

Hajiya ta ce min, "Malam, kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama, tun haihuwa. Kuma yana da bille, na gidan ubansa." Da na duba da kyau sai ga billen, wani ɗan layi dishi-dishi a kuncin da na ɗauka karcewar takarda ce. Da na goge shi.

Daga nan ka nemi hoton 'yan'uwa. Na san an ce hoto ɗaya, kuma hoto ɗayan ne na yaron, amma hoton wansa ko na ubansa a shekarun da kake nufa shi ne fitilarka. Haka masu zanen cibiyar NCMEC ta Amurka, wadda take neman yaran da suka ɓata, suke yi: suna karɓar hotunan iyaye da 'yan'uwa, kuma suna sabunta zanen duk shekara biyu har yaro ya kai 18, daga nan duk shekara biyar. Hajiya tana da babban ɗa, uwa ɗaya uba ɗaya da yaron, ɗan shekara 27 mai sayar da kayan waya a Dilimi. Na sa aka kira shi na ɗauke shi da kaina, a tsaye ƙyam, daga nisan taku biyu zuwa uku. Kada ka karɓi hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Idan ka yi awo a kan irin wannan, ka gina wa yaron hancin da ba na gidansu ba.

2. Shigar da hoton yadda yake

Fasfo mai milimita 35 da 45, idan ka yi masa sikanin a 1200 dpi, zai ba ka kamar fiksel 1650 a faɗi, 2100 a tsawo. Wannan ya wadatar. Ajiye shi a PNG ko TIFF, ka kulle wannan kwafin, kada ka sake taɓa shi. Idan da waya za ka ɗauka, shimfiɗa hoton kusa da taga, kashe filasha, ka ja baya kaɗan ka riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Idan turo maka za a yi ta WhatsApp, a turo shi a matsayin `Document`, in ba haka ba za a matse shi, ƙananan alamomin da kake nema su narke.

Ga babban tarkon da sababbin hannu suke faɗawa. Hoton tsoho ne, ya yi dusu-dusu, sai mutum ya jefa shi cikin manhajar da ke tsabtace fuska, ta fito da shi tas kamar yau aka ɗauka. Irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ya ɓace suke yi ba. Inda suka ga duhu, suna cikewa da ido ko haƙori ko gira daga dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Na taɓa gwada wata a kan wannan fasfon don in nuna wa yaron shagona: ta share billen, ta miƙar da kunnen, ta kuma ba shi ninkin fatar ido da ba shi da shi. Tun ba a ƙara masa shekara ko ɗaya ba ya zama ɗan wasu. Abin da na yarda da shi a wannan mataki shi ne gyaran haske da `Levels`, da cire ƙura da hannu, ɗigo-ɗigo.

3. Ware abin da ba a taɓawa

Buɗe sabuwar leya a sama, ka zana jan layi a kan duk abin da shekaru ba sa canza wa siffa. Kunne ne na farko: yana ƙara girma, amma lanƙwasarsa da yadda leɓensa ya manne ko ya saki suna nan yadda suke. Sai karkatar idanu, ko kusurwar waje ta ɗaga ko ta sauka. Sai tsaga da tabo da tawadar Allah. Sai rashin daidaiton fuska, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Kowa yana da ido ɗaya da ya ɗan fi ɗaya buɗewa, ko gira ɗaya da ta fi tsayi, ko baki da ya ɗan ja gefe. Da waɗannan uwa take gane ɗanta. Manhaja kuma abin da ta fi so ke nan ta daidaita, don a wurinta kyau shi ne daidaito.

Wannan jar leya za ta zauna a sama har ƙarshen aiki. Duk abin da ka yi, ka kunna ta ka gani ko ka kauce.

Haƙora suna da nasu hukunci. A shekara takwas haƙoran gaba na dindindin sun fito, kuma faɗinsu ba ya ƙaruwa, shi ya sa suke yi wa yaro girma a baki. Amma wushiryar da ka gani a wannan shekarun ba abin dogaro ba ce, sau da yawa tana rufewa idan fiƙoƙin sama suka fito wajen shekara 11 zuwa 12. Idan yaron yana murmushi a hoton, ni rufe masa baki nake yi a hoton girma, sai in rubuta a gefe cewa yana da wushirya yana ƙarami.

4. Awo, da baƙin ido a matsayin ma'auni

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe.

Fuskar yaro ba ƙaramar fuskar babba ba ce. Ƙoƙon kai yana riga fuska girma, domin ƙwaƙwalwa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta tun wajen shekara shida. Abin da ya rage ya yi girma shi ne daga ido zuwa ƙasa: hanci, da kunci, da muƙamuƙi, waɗanda suke tafiya ƙasa suna kuma turowa gaba, a namiji har ƙarshen shekarun goma sha, wani lokaci har farkon ashirin. Shi ya sa yaro yake da faffaɗan goshi da manyan idanu da 'yar guntuwar haɓa.

To yaya za ka san yawan abin da za ka ja? Akwai abu ɗaya a fuska da kusan ba ya girma bayan shekarun yaye, wato da'irar baƙin ido, wadda faɗinta yake tsakanin milimita 11 da 12 ga yaro da babba. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanu biyu kuwa tana ƙaruwa, daga wajen milimita 55 a ɗan shekara takwas zuwa sittin da 'yan kai a babba. Saboda haka idan ka raba tazarar idanu da faɗin baƙin ido, lambar da ka samu tana gaya maka ko fuskar yaro ce ko ta babba.

A fasfon yaron Hajiya, tazarar idanu ta ba ni fiksel 390, faɗin baƙin ido 83. Rabawa ta ba da 4.7. Na ɗauko hoton wansa, na rage shi har tazarar idanunsa ta zama 390 daidai, na ɗora shi a leya ta sama, na sauke `Opacity` zuwa rabi. Baƙin idonsa ya zo 72, wato 5.4. Ma'anarsa ita ce, idan na bar tsakiyar idanun yaron a inda suke, dole in rage baƙin idon daga 83 zuwa 72, kusan kashi 13 cikin ɗari. Buɗewar idon kanta ba na rage ta har haka, rabin wannan ya isa, domin tana ɗan faɗaɗa da girma.

Awo na biyu daga layin idanu ne zuwa ƙarshen haɓa. Yaron 700, wansa 770. Ban kai shi 770 ba. Hajiya ta ce ƙaramin ya fi ɗebo ta, ita kuma fuskarta a dunƙule take, shi babban doguwar fuskar ubansu ya ɗauko. Na tsaya a 750. Wannan 750 ɗin hukuncina ne, ba wani lissafi da ya haife shi, kuma ya kamata ka saba da jin haka a jikinka: awo yana ba ka iyaka ta sama da ta ƙasa, tsakiyar kai ne kake zaɓa.

Idan babu ɗan'uwa ko ɗaya, yi amfani da hotunan maza uku ko huɗu masu shekarun da kake nufa daga dangi ko ƙabila ɗaya, ka auna kowanne, ka ɗauki matsakaici. Ya fi babu, amma ka sani kana ƙara nisa da yaron.

5. Gina ƙashi kafin fata

Kwafi hoton yaron zuwa sabuwar leya. Zaɓi duk abin da ke ƙasa da layin idanu, ka ja shi ƙasa har haɓa ta kai inda ka yanke. Daga nan ka shiga `Liquify` da babban buroshi da ƙarfi kaɗan. Faɗaɗa kusurwar muƙamuƙi a ƙasan kunne. Rage kumatun yarinta, domin kitsen nan yana janyewa, ƙashin kunci ya bayyana. Ɗaga karan hanci, ka ƙara masa tsawo, ka faɗaɗa ƙofofinsa kana kallon na wansa. Sauko da gira kusa da ido ka ƙara mata kauri, don ƙashin da ke saman ido yana turowa a namiji bayan balaga. Matse saman kai kaɗan, tunda a sabon ma'aunin goshi ya daina mamaye fuskar. Kada ka manta wuya. Sau nawa na ga fuskar ƙato a kan siririn wuyan yaro, babu zakaran wuya, babu faɗin kafaɗa. Ko wanda bai san hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Yi komai kaɗan-kaɗan, kana kashe leya kana kunnawa. Idan ka ja hanci sau ɗaya da ƙarfi, fatar gefensa za ta miƙe kamar roba, a gane.

6. Inda manhaja take shigowa

Sai yanzu nake barin manhaja ta sa hannu, kuma hoton da na riga na gina nake ba ta, ba fasfon asali ba. Dalilin yana cikin yadda take aiki. Tun tsarin da masu bincike a Jami'ar Washington suka fitar a 2014, wanda yake ɗaukar hoton yaro ɗaya ya kai shi har shekara 80, dabarar ba ta canza a gindinta ba: ana koyon yadda matsakaiciyar fuska take sauyawa daga dubban hotuna, sai a ɗora wannan sauyin a kan hotonka. Na zamani sun fi iya fata da gashi nesa ba kusa ba, amma har yanzu matsakaicin mutum suke sani. Kuma hotunan da aka tara an fi kwaso su daga intanet. Rumbun FFHQ, wanda aka gina tsare-tsare da yawa a kansa, hotuna 70,000 ne daga shafin Flickr. Ka ƙiyasta mutum nawa ne a ciki masu bille ko kalangu.

Saboda haka ka sa ido a kan abu huɗu a duk abin da ta ba ka. Launin fata yakan yi haske. Hanci yakan sirance. Tsaga takan ɓace, ko ta koma tamoji. Gashi yakan yi laushi ya kwanta. Ɗora sakamakon a leya, ka daidaita idanu da idanu, ka rufe shi duka da baƙin `Layer Mask`, sa'an nan ka buɗe wuraren da kake so kawai: kaurin fata a kunci da goshi, inuwar gemu, duhun ƙasan ido. Idanu da kunnuwa da tsaga daga hoton asali za su fito. Idan ba ka da irin wannan manhaja, ko ba ka son ɗora hoton ɗan mutane a intanet, wanda ni ma ba na yi sai da izinin iyaye, ɗebo fatar daga hoton wan ta hanyar nan ɗaya. Ya fi cin lokaci, amma sau da yawa ya fi kyau.

7. Fitar da hoto uku

Ƙashi ana iya auna shi. Abin da rayuwa ta yi wa mutum ba a iya aunawa. Yaron nan ko yana dako a kasuwa rana tana dukansa, ko yana zaune a shago ya yi ƙiba, ko ya zama gardi ya tara ƙasumba, fasfon 2009 bai san wannan ba. Don haka ba na ba da hoto ɗaya. Na yi wa Hajiya uku a kan ƙashi ɗaya: siriri da aski ƙwal babu gemu, siriri da gemu da hula, sai mai ɗan jiki. Riga kuma farar jamfa marar ado, bango fari, don kada idon mai kallo ya tafi kan kaya.

Wata dabara da na koya da wuya: kada ka sa hoton ya yi kyau da yawa. Ina mayar da shi baƙi da fari, in bar shi da ɗan kamannin zane. Hoton da ya fito tamkar na kyamara yana sa mai kallo ya riƙe shi a matsayin gaskiya, ya wuce mutumin da ake nema a titi don gemunsa bai yi daidai da na takarda ba.

8. Gwada hannunka, ka san iyakarka

Akwai gaskatuwa iri biyu, kuma mutane suna cakuɗa su. Ta farko, hoton ya yi kama da mutum na gaske ɗan shekara 24. Wannan yau kowace waya tana yi cikin daƙiƙa goma. Ta biyu, hoton ya yi kama da shi wannan mutumin yadda yake yau. Wannan babu mai tabbatar maka sai ranar da aka gan shi.

Amma kana iya auna kanka. Na roƙi Hajiya hoton wan yana firamare, na ba yaron shagona ba tare da ya taɓa ganin mutumin ba, ya bi matakan nan da hoton ubansu a matsayin jagora. Muka jera abin da ya fitar tare da hotunan samari biyar, har da na wan na gaske, muka nuna wa maƙwabtanmu masu shago su zaɓi wanda zanen yake nufi. Wasu sun dace, wasu sun nuna wani daban, kuma kusan kowa ya tsaya yana waswasi tsakanin mutum biyu. Inda muka kauce a fili yake: faɗin hanci da cikar kumatu. Kunne da idanu sun zauna daram. Yi wannan gwajin da hotunan gidanku sau biyar ko shida kafin ka karɓi kuɗin kowa.

Masu bincike ma abin da suka gani bai yi nisa da wannan ba. A 2012 Charman da Carol sun wallafa gwajin da ya nuna cewa hoton da aka ƙara wa shekaru yana iya rage gane yaron da ya ɓata, domin yana ƙara yawan mutanen da za a ce sun yi kama da shi. Saboda wannan nake dagewa a buga fasfon asali a gefen sabon, girmansu ɗaya, a rubuta shekarar kowanne, a kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa na biyun hasashe ne. A ƙasa a jera alamomin nan na jar leya da kalmomi: kunnen hagu a lanƙwashe, bille a kunci. Wanda ya san shi a wata tasha zai fi kama waɗannan fiye da siffar haɓa. Na kuma ce wa Hajiya ta kai rahoto wurin 'yan sanda da ofishin Red Cross, waɗanda suke da sashen haɗa iyalan da suka rabu, kuma idan an sami wani da ake zato, kada a yanke hukunci da hotona, gwajin jini na DNA ne mai raba gardama. Har yau da nake rubutun nan ana nema.

A taƙaice yadda na gani a hannuna: babba zuwa babba, tazarar shekara goma zuwa sha biyar, ana dacewa sosai, tunda ƙashi ya riga ya tsaya. Yaro ɗan shekara bakwai zuwa sama a kai shi ashirin da wani abu, ana samun kama irin ta 'yan gida ɗaya. Jariri ko ɗan ƙasa da shekara uku kuwa ba na karɓa, domin abin da zan fitar hoton wansa ne kawai da wata riga. Haka kuma ba na yi wa kowa wannan aiki don fasfo na tafiya ko katin shaida ko takardar neman aiki, ko nawa zai biya.

Idan baya za a koma

Rage shekaru mutane suna ɗauka ya fi sauƙi, wai goge tamoji ne kawai. Wanda ya goge tamoji ya tsaya, tsoho mai santsin fuska zai samu. Matakai na ɗaya zuwa na uku duk ɗaya ne. Bambancin yana a na huɗu da na biyar, domin a nan maido abin da ya zube kake yi.

Wani ɗan kasuwa ya kawo min fasfon aikin Hajji na mahaifinsu, yana da shekara 72 a lokacin, suna son ganinsa a talatin don su rataye a falo. Tazarar idanu da baƙin ido ba a taɓa su, tunda babba ne zuwa babba. Abin da na bi ɗaya bayan ɗaya shi ne wannan. Kunne yana ƙara tsawo da kusan milimita 0.2 a shekara, don haka a shekara 42 ya kai milimita takwas zuwa tara, na rage shi musamman ta leɓen ƙasa. Kan hanci yana sunkuyowa da tsufa, na ɗaga shi kaɗan. Leɓen sama yana tsawo yana sirancewa, na gajarta tsakanin hanci da baki na maido wa leɓen kauri. Naman kunci da ya gangaro ya taru a gefen muƙamuƙi na mayar da shi sama, na cike ramin da ke gefen goshi da na ƙasan ido. Farin zoben da ke kewaye baƙin idon tsofaffi na cire. Ƙananan baƙaƙen ƙurajen da ke fitowa a kuncin baƙar fata da shekaru su ma na cire, amma sai da na tambaya wanne ne tawadar Allah ta asali. Tabon salla na rage shi ban share ba.

A kula, fatarmu ba ta saurin yamushewa kamar ta Turawa, furfura ma takan makara, galibi sai an shiga shekaru arba'in. Tsufanmu ya fi nunawa a zubewar kunci da zurfin ido da canjin launi. Shi ya sa idan ka ce wa manhaja ta cire shekara 40, takan wuce gona da iri ta ba ka ɗan sakandare, idan kuma ƙarawa ce ta zuba wa ɗan hamsin tamojin ɗan tamanin. Ka nemi rabin abin da kake so, sauran ka ƙarasa da hannu.

Wurin da ya fi ba ni wahala a hoton Alhajin baki ne. Haƙoransa sun zube, kuma idan haƙora suka tafi ƙashin da ke riƙe su yana janyewa, baki ya shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci. Sai da na ƙara tsawon ƙasan fuskar ina kallon hoton babban ɗansa. Layin gashin goshi kuwa babu yadda za a san shi daga kan da ya yi sanƙo, na sa masa hula na huta.

Da suka zo karɓa sun taho da mahaifiyarsu. A kwafin farko na bar ɗan murmushin da manhaja ta ba shi, da jerarrun haƙora farare, don 'ya'yan sun ce yana da fara'a. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Ɗan nan, idon nasa ne, kunnen ma nasa ne. Amma Alhaji wushirya gare shi, har waƙa 'yan mata suke yi masa da ita. Wannan bakin na wane ne?" Babu ko ɗaya cikin 'ya'yan da ya san haka, sun taso ya riga ya fara rasa haƙoran gaba. Na koma kwamfuta ita tana zaune a gefena, na buɗe tsakanin haƙoran kaɗan-kaɗan tana cewa ƙara, ƙara, har ta ce tsaya nan.